Idan eko ta nuna mabiyiya ta zauna ƙasa: abin da yake nufi da yadda haihuwa za ta kasance

Akwai maganar da take yawan tayar da hankalin gida. Mace mai ciki ta tafi awo, an tura ta hoton ciki, wanda muka fi sani da eko, ta dawo da takarda a hannu tana cewa likita ya ce "mahaifa ta yi ƙasa". Uwar miji ta fassara ta yadda ta gane, miji yana Legas ko Agadas ko Libiya an aika mishi hoton takardar ta salula, shi ma faransancin likitoci bai karantu gare shi ba. Wasu sai su firgita kamar an yanke hukunci. Wasu kuma su ce ai ba komai, tunda matar tana cin tuwo tana daka. Duka biyun kuskure ne, kuma na biyun ya fi haɗari. Mun rubuta wannan bayani don a ajiye, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, a koma gare shi duk lokacin da buƙata ta taso.

Mece ce mabiyiya, ina ne mazauninta

Mu fara raba kalmomi, don a Hausa kalmar mahaifa tana ɗaukar abu biyu. Akwai jakar da jariri yake kwance ciki, ita za mu riƙa kira mahaifa. Akwai kuma naman nan mai faɗi da ke biyo jariri bayan an haife shi, wanda ake binnewa. Ita ce mabiyiya, wasu su ce uwar cibiya, wasu uwar tafiya. A takardar eko ana rubuta ta placenta.

Mabiyiya tana manne da bangon mahaifa daga ciki. Ta wurinta jariri yake samun abinci da iska daga jinin uwa, ta igiyar cibiya. Saboda haka wurin da ta manne cike yake da manyan hanyoyin jini. Idan ciki ya kai wata tara, jinin da yake ratsa mahaifa cikin minti ɗaya ya kai rabin lita ko fiye, wato kamar ledar piyawata guda a kowane minti. Ku riƙe wannan lissafi, shi ne zai sa ku gane dalilin da ya sa zubar jini daga wannan wuri ba abin jira ba ne.

Ku ɗauki mahaifa kamar tulu da aka kife, bakinsa yana kallon ƙasa. Bakin nan shi ne ƙofar da jariri zai bi. Ga yawancin mata mabiyiya tana zama can sama ko a gefe, nesa da ƙofa. Jariri ya fara fita, bayan ƴan mintoci ita kuma ta saki bango ta biyo shi. Matsala tana zuwa idan ta zauna ƙasa kusa da ƙofar, ko kuma ta kwanta a kanta ta rufe ta. A nan mai biyowa ta zama mai tare hanya.

Yadda ake karanta takardar

Mai eko yana auna tazarar da ke tsakanin gefen mabiyiya na ƙasa da bakin mahaifa na ciki. Ma'aunin da aka tsayar shi ne santimita 2, wato milimita 20, kusan faɗin babban yatsa. Idan gefen ya yi nisa da ƙofa fiye da haka, mazauninta daidai ne. Idan yana cikin santimita 2 amma bai hau kan ƙofar ba, shi ne ake cewa ta zauna ƙasa, kuma a takarda za ku ga an rubuta placenta bas inséré. Idan ta rufe ƙofar, za ku ga placenta praevia, sau da yawa tare da kalmar recouvrant, mai nufin ta rufe. Wanda aka yi wa hoton a Najeriya ko Gana zai ga low-lying placenta ko placenta previa, maganar ɗaya ce.

Akwai wasu kalmomi da suke rikita mutane alhali ba su nuna cuta ba. Fundique yana nufin tana can sama, wuri mai kyau. Antérieur yana nufin tana bangon gaba, wajen cibiyar uwa, postérieur kuma bangon baya. Harufan SA kusa da lamba suna nuna makonnin ciki, ana ƙirga su daga ranar farko ta hailar ƙarshe. Ciki yakan cika wajen mako 40.

Abu biyu ya kamata mace ko mai raka ta ya tambaya kafin ya bar ɗakin eko. Na farko, ta rufe ƙofar ne ko tana kusa kawai, kuma milimita nawa? Na biyu, yaushe za a sake dubawa? Idan ba a rubuta tazarar ba, a roƙa a rubuta, don wanda zai sake awon ya san daga ina aka taso.

Wani lokaci hoton da ake yi ta saman ciki ba ya nuna gefen da kyau, musamman idan mabiyiya tana baya kuma kan jariri ya tare. Fitsari da ya cika mara da yawa ma yana iya sa a ga kamar ta yi ƙasa. Shi ya sa likita yakan nemi ya duba da wata siririyar na'ura ta gaban mace. Wannan awo ya fi gaskiya, kuma ba ya jawo zubar jini idan gwani ne ya yi shi, domin na'urar ba ta kaiwa bakin mahaifa. Macen da take jin nauyi tana iya neman mace ta yi mata ko ta tsaya kusa da ita.

Dalilin da ya sa yawanci take "tashi"

Ga labarin da zai kwantar da hankali. Idan an ga mabiyiya ƙasa a tsakiyar ciki, wajen mako 20 zuwa 22, cikin mata 10 kusan 9 za a tarar ta yi nisa da ƙofa kafin lokacin haihuwa. Waɗanda abin yake zama musu har ƙarshe ba su da yawa, kusan ciki 1 cikin 200.

Ba wai mabiyiya tana tafiya da ƙafa ba ne. A watannin ƙarshe ɓangaren ƙasa na mahaifa yana miƙewa yana tsawo. Ku tuna balan-balan ta yara: idan aka yi ɗigo da biro kusa da bakinta sannan aka hura, ɗigon zai yi nisa da bakin ba tare da an taɓa shi ba. Haka abin yake. Shi ya sa hoton wata biyar ba ya yanke hukunci. Ana sake dubawa wajen mako 32, idan har yanzu tana ƙasa a sake wajen mako 36. Hoton ƙarshen nan ne ake tsara haihuwa a kansa.

Wadda take kusa da ƙofa kawai ta fi saurin matsawa. Wadda ta rufe ƙofar sosai, ko wadda ta zauna kan tabon tsohuwar tiyata, ba ta cika matsawa ba.

Kuma a sani, babu jiƙo, babu allura, babu tausa ko ɗaure ciki da zane da zai ɗaga mabiyiya. Kwanciya da ƙafafu sama ma ba ta ɗaga ta. Matsa ciki da hannu don a "gyara" shi yana iya jawo jini. Haka nan ba daka ko ɗaukar ruwa ko wani abinci da mace ta ci ne ya saukar da ita ba. Tun makonnin farko, wurin da ƙwan ya manne nan mabiyiya ta tsiro. Kada a ɗora wa matar laifi.

Waɗanda abin ya fi samu

Yana iya samun kowace mace, har mai cikin fari. Amma ya fi yawa ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, wato sezariyen, da wadda aka taɓa yi wa wankin ciki da ƙarfe bayan ɓari, da wadda ta yi haihuwa da yawa, da wadda ta wuce shekara 35, da mai ɗauke da tagwaye, da mai shan taba, da wadda abin ya taɓa samu a wani ciki na baya. A garuruwanmu, inda uwa mai ƴaƴa bakwai ko takwas ba abin mamaki ba ce, wannan yana nufin gogaggiyar uwa ma tana buƙatar eko. Cewa "na haifi shida a ɗaki ba abin da ya same ni" ba ya ba da tabbaci kan na bakwai.

Jinin da ba ya zuwa da ciwo

Alamar wannan matsala ɗaya ce, kuma tana da yaudara. Jini ne ja wur, yana zuwa ba zato, yawanci daga wata na bakwai zuwa sama, ba tare da ciwon mara ba. Ciki yana da laushi, jariri yana motsi. Sau da yawa mace tana barci ne ta farka ta ga zanenta ya jiƙe. Abin da yake faruwa shi ne, ƙasan mahaifa yana miƙewa, mabiyiya ba ta iya miƙewa tare da shi, sai gefenta ya ɗan saki bango, hanyoyin jini su buɗe. Jinin da yake zuba na uwa ne.

Yaudarar tana nan: zubar farko yawanci ba ta da yawa, kuma takan tsaya da kanta. Sai mutanen gida su ce Alhamdulillahi ya wuce. To bai wuce ba, gargaɗi ne. Yana dawowa bayan kwanaki ko makonni, kuma na biyu ko na uku yakan fi na farko ƙarfi. Ranar da jinin farko ya tsaya ita ce ranar tafiya asibiti cikin kwanciyar hankali, da rana, mace tana tafiya da ƙafarta.

Akwai wata matsala dabam da ake rikita ta da wannan, wato mabiyiyar da take zaune daidai amma ta ɓalle kafin haihuwa. Ita tana zuwa da ciwo mai tsanani, ciki ya yi tauri kamar itace, jinin ya yi baƙi-baƙi ko ma kaɗan ya fito, kuma sau da yawa tana tare da hawan jini. Ba aikin mutanen gida ba ne su bambanta su. Dokar ɗaya ce: duk jinin da mai ciki ta gani, da ciwo ko ba ciwo, da yawa ko kaɗan, a tafi a ranar.

Abin da za a yi a gida kafin mota ta zo kaɗan ne. A kwantar da ita ta gefen hagu. A sa mata tsumma mai tsabta daga waje, kada a cusa komai ciki. A lura da lokacin da jinin ya fara, a tara tsummokaran da suka jiƙe a tafi da su, don ma'aikatan lafiya su ƙiyasta abin da ya zuba. Kada a ba ta jiƙon naƙuda, kada a cika ta da fura ko tuwo, saboda wataƙila tiyata za a yi. A ɗauki karnen awo da takardar eko. Idan ta fara jiri, ko gumi mai sanyi, ko ƙishirwa mai yawa, ko numfashi sama-sama, ko tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, jini ya zuba da yawa ke nan, kowane minti yana da tsada.

Babban abin da za a kiyaye shi ne wannan: kada kowa ya sa yatsa ya duba bakin mahaifa. Ungozomar gari ko tsohuwar gida, kome ƙwarewarta, kada ta yi. Yatsa yana iya huda mabiyiya ko ya ɓamɓare ta, jinin da yake ɗiga ya koma kwarara. Sazfam ma an koya mata kada ta yi wannan awo ga mai zubar jini sai eko ta nuna inda mabiyiya take. Don haka da isarku asibiti, kafin a kwantar da ita, ku faɗa da baki: "An ce mabiyiyarta tana ƙasa."

Yadda ake yanke shawarar haihuwa

Tazarar da hoton ƙarshe ya nuna ita ce take jan ragama. Idan gefen ya wuce milimita 20, mace tana iya haihuwa da kanta kamar kowa, amma dai a asibiti. Idan yana tsakanin milimita 11 da 20 kuma ba ta zubar da jini, likita yana iya barin ta gwada naƙuda, da yawa kuma suna haihuwa lafiya, sai dai a wurin da ake da ɗakin tiyata da jini a ajiye. Idan milimita 10 ne ko ƙasa da haka, yawanci tiyata ake zaɓa, don haɗarin jini ya yi yawa. Idan ta rufe ƙofar, babu wata hanya sai sezariyen. Ba maganar ragwanci ko rashin haƙuri ba ce. Bakin mahaifa ba zai iya buɗewa ba tare da ya yage mabiyiya ba, uwa ta rasa jini, jariri ya rasa iska.

Ana so a yi wannan tiyata kafin naƙuda ta fara, shi ya sa ba a jiran ciki ya cika mako 40. Ga wadda ba ta taɓa ganin jini ba, yawanci ana sa rana tsakanin mako 36 da 37. Ga wadda ta riga ta yi zubar jini, ana iya matso da ranar zuwa tsakanin mako 34 da 36. Idan ana tsoron jariri zai zo da wuri, ana yi wa uwa allurai don huhunsa ya yi saurin ƙwari. Idan kuma jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ana fitar da jariri nan take kome ƙanƙantarsa, don ran uwa ne a gaba.

Wata alama da ake yawan gani ita ce kwanciyar jariri. Tunda mabiyiya ta cika ƙasa, kansa ba ya samun wurin sauka, sai ya kwanta a gicciye ko ya zo da ɗuwawu. Idan a wata na tara sazfam ta ce kai bai sauka ba ko ɗan yana gicciye, ta tura ku eko, kada ku ce kuɗi take so a kashe.

Bayan haihuwa ma ba a gama ba. Abin da yake tsayar da jini bayan mabiyiya ta fita shi ne mahaifa ta dunƙule ta matse hanyoyin jini. Ɓangaren ƙasa ba shi da ƙarfin matsewa kamar na sama. Saboda haka ko wadda ta haihu da kanta tana iya zubar da jini fiye da kima a awoyin farko. Kada a yi gaggawar cewa a sallame ta don a tafi a fara wankan jego.

Idan akwai tabon tsohuwar tiyata

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi nauyi. Idan mabiyiya ta zauna ƙasa ta gaba, daidai kan tabon sezariyen na baya, tana iya kafewa cikin naman mahaifa ta ƙi saki bayan haihuwa. A takarda ana rubuta placenta accreta. Ga matan da mabiyiyarsu ta rufe ƙofa, haɗarin yana hawa da yawan tiyatar da aka yi a baya: kusan 1 cikin 10 ga mai tiyata ɗaya, kusan 4 cikin 10 ga mai biyu, kusan 6 cikin 10 ga mai uku. Idan aka ja ta da ƙarfi jini ne mai kisa, shi ya sa sau da yawa maganin shi ne a cire mahaifar gaba ɗaya. Likita zai yi wannan magana da mace da mijinta tun kafin ranar, kuma gara a ji ta a zaune da a ji ta a tsaye bakin ɗakin tiyata. Mai tabo ta faɗa wa mai eko tun farko, ta kuma haihu a babban asibiti mai likitan mata.

Misalin mata biyu

Mu ɗauki misali don abin ya zauna. A ce mace ce mai ciki na huɗu, ba a taɓa yi mata tiyata ba. Hoton mako 22 ya nuna placenta postérieur bas inséré, tazara milimita 12, kuma ba ta ga jini ba. Ba a kwantar da ita ba, ba a ba ta wani magani na musamman ba. An ce ta ci gaba da awo da shan maganin ƙarin jini, ta dawo bayan mako 10. A mako 32 tazarar ta koma milimita 27. Ta wuce 20, maganar ta ƙare, za ta haihu a matarnite kamar yadda ta saba. Wannan ita ce hanyar mata tara cikin goma.

A ce kuma wata ce mai ciki na shida, haihuwarta ta ƙarshe da tiyata aka yi, ƙauyensu tafiyar awa biyu ne zuwa asibitin da ake tiyata. Hoton mako 22 ya nuna placenta antérieur recouvrant. A mako 30 ta ga jini kaɗan da asuba, ya tsaya kafin hantsi, amma aka kai ta a ranar. An kwantar da ita kwanaki, an yi mata allurar huhun jariri, an auna ƙarfin jininta aka tarar 9, alhali mai ciki ana so ta kai 11. Aka ƙarfafa mata maganin jini. Ba a bar ta ta koma ƙauye ba, ta sauka gidan ƴar uwa kusa da asibiti. Hoton mako 32 ya nuna har yanzu a rufe take, aka duba tabon da kyau don a ga ko ta kafe. Saboda ta riga ta yi zubar jini, aka sa mata rana a mako 35, kuma dangi suka ba da jini tun kafin ranar. Ku lura, abin da ya canza lissafinta ba wani magani mai tsada ba ne. Tafiyar da aka yi ranar jinin farko ce, da yardar da aka yi ta zauna kusa.

Shirin da gida zai yi

Kaz-da-sante da mafi yawan gidajen likita na se-es-i ba su yin tiyata, ba su da jini a ajiye. Aikinsu su gane matsalar su tura gaba. Ana yin sezariyen a asibitocin gunduma masu ɗakin tiyata, da cibiyoyin lafiyar uwa da yaro na Maraɗi da Damagaram da Tawa, da matarniten Isaka Gazobi a Yamai. A tambayi sazfam tun yanzu wanne ne ya fi kusa kuma yake aiki. Gwamnatin Nijar ta ayyana sezariyen kyauta a asibitocinta tun 2005. Duk da haka kuɗin mota, da abincin masu jinya, da zaman gari suna kan iyali, don haka a tanadi wani abu a hannu.

Idan mabiyiya tana nan ƙasa a mako 32, musamman ga wadda ta taɓa ganin jini, a matso da ita gari. Wannan ya fi muhimmanci da damana, lokacin da kwari yake cika, hanya ta yanke, amalanke da babur su kasa wucewa. Mai zuwa goyon ciki gidan iyaye, a duba nisan garin iyayen da asibiti kafin ta tafi. Kada a bar ta ta kwana ita kaɗai a gida. A ajiye lambar mai mota da ta magajiyar awo ko shugaban se-es-i a salular mutum biyu.

A san rukunin jininta, a rubuta a karne. Idan na alamar ragi ne, wato negatif, a faɗa wa likita duk lokacin da ta ga jini, don akwai allurar da ake yi mata. A nemi mutum biyu ko uku masu lafiya cikin dangi da suka yarda su ba da jini. Jinin da aka ɗiba ana gwada shi ne a ajiye, ba a ɗiba a sa nan take, shi ya sa ba da shi kafin ranar ya fi.

Mace mai ƙarancin jini ba ta jure zubar da wata za ta jure. Don haka ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo a sha kullum, ko da suna sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba cuta ba ce. A sha maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake bayarwa wurin awo, a kwana cikin gidan sauro, domin masassara tana cin jini. Zogale da wake da hanta da kifi suna taimakawa, amma ba su maye gurbin ƙwayoyin.

Wadda mabiyiyarta take kusa kawai a wata biyar kuma ba ta ga jini ba, yawanci tana ci gaba da harkarta. Wadda tata ta rufe ƙofa ko ta taɓa ganin jini, likitoci suna ce mata ta dakatar da kwanciyar aure har ta haihu, ta bar daka da jan guga da ɗaukar kaya mai nauyi. Ba a ce ta kwanta kan gado dare da rana ba, tana iya zagawa cikin gida. Wannan magana miji da uwar miji ya kamata su ji daga bakin sazfam, don ita matar kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba.

Ga maigida da ke nesa, ga naka aikin. Ka tambayi mako nawa ne cikin, milimita nawa aka rubuta, yaushe ne eko ta gaba. Ka aiko da kuɗin hoton mako 32 da na mota kafin ranar. Sannan ka ba da izini tun yau, a gaban mahaifiyarka da wanda ka bar wa gida, cewa idan jini ya zo a tafi da ita ba sai an same ka a waya ba, kuma idan likita ya ce tiyata a sa hannu. Salula tana iya rasa caji ko layi ya ƙi shiga da tsakar dare, jini kuwa ba ya jiran a samu layi.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa. Amin.